Jan Biro a Hannunka: Yadda Za Ka Gano Inda Makin Insha'inka Ke Zurarewa

Duk wanda ya yi ajin ƙarshe na sakandare ya san wannan takardar. Ka zauna ka cika shafi biyu da Turanci, malam ya karɓa, bayan mako guda ya dawo maka da ita, a saman shafin an rubuta 22/50 da jan biro, an zagaye. Wani lokaci a ƙara da ɗan gajeren rubutu cewa ka ƙara ƙoƙari. Ka ƙara ƙoƙari a ina? Lambar ba ta faɗa ba. Malamin da ke da ɗalibai tamanin a aji ɗaya kuwa ba shi da sukunin zama da kowa ya warware masa. Sai ɗalibi ya koma gida ya sake rubuta wani insha'in, ya sake samun 21 ko 23, ya yanke wa kansa hukunci cewa shi dai Turanci ba ya yinsa.

Abin da yawancin ɗalibai ba su sani ba shi ne, wannan 22 ɗin ba a dunƙule aka ba da shi ba. Maki huɗu ne daban-daban aka haɗa. Kuma sau da yawa uku daga cikinsu suna nan daidai gwargwado, ɗaya ne ya faɗi warwas ya janyo sauran ƙasa. Wanda ya gano wannan ɗayan ya san inda zai zuba ƙarfinsa. Ana iya gano shi a gida, da biro da agogo da ɗan haƙuri.

Ma'auni huɗu na mai duba takarda

A jarrabawar Turanci ta WAEC, wadda ake yi a Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, insha'i yana zuwa ne a takarda ta biyu, tare da auna fahimta da taƙaitawa. Takardar tana da maki 100, insha'i kaɗai ya kwashe 50. Ana ba ɗalibi tambayoyi ya zaɓi ɗaya: ko wasiƙa, ko labari, ko muhawara, ko jawabi, ko maƙalar jarida, ko rahoto. Ana son kalmomi kamar 450, kuma ana ba da shawarar kashe minti 50 a kai. Ga wanda ke neman kiredit, wato aƙalla C6, domin shiga jami'a, wannan sashe ba abin wasa ba ne.

Mai duba takarda yana raba makin nan 50 gida huɗu. Na farko ƙumshiya, maki 10: shin ka amsa abin da aka tambaye ka, kuma ka faɗaɗa hujjojinka? Na biyu tsari, maki 10: yadda ka buɗe, yadda ka jera sakin layi, yadda ka rufe, da kuma siffar da irin wannan rubutu ya gada, kamar adireshi da gaisuwa a wasiƙa. Na uku sarrafa harshe, maki 20: zaɓen kalmomi, ginin jimloli, da dacewar lafazinka da wanda kake yi wa magana. Na huɗu kiyaye ƙa'ida, maki 10: nahawu, rubutun kalma daidai, da alamomin rubutu irin su aya da waƙafi da babban baƙi.

Gida na huɗu ya sha bamban da sauran. A ukun farko mai dubawa yana auna ingancin aikinka ne ya ba ka abin da ya ga ka cancanta. A na huɗu kuwa lissafi ne tsagwaronsa. Kana farawa da maki 10 cif, kowane kuskure ya zagaye sai a cire rabin maki. Kuskure 20 ya cinye makin duka. Ka riƙe wannan lissafi, domin shi ne zai yi mana alƙalanci a gaba.

Kafin ka ɗauki jan biro

Takardar da za ka duba dole ta zama irin wadda za ka rubuta a ɗakin jarrabawa. Ka ɗauko tambaya daga tsofaffin takardun WAEC, wadda ba ka taɓa amsawa ba. Ka saita agogo minti 50. Babu ƙamus, babu waya, babu tambayar yaya ko ƙane. Idan lokaci ya cika ka ajiye biro ko da kana tsakiyar jimla. Insha'in da aka rubuta cikin kwana biyu ana leƙa ƙamus ba zai nuna maka rauninka ba, ɓoye maka shi zai yi.

Sannan ka ajiye takardar ta kwana biyu ba ka kalle ta ba. Dalili shi ne, wanda ya gama rubutu yanzu ba abin da ke kan takarda yake karantawa ba, abin da ya yi niyyar rubutawa yake karantawa. Idonsa zai tsallake kalmar da ya manta bai sa ba, domin tana nan daram a cikin kansa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kwana biyun nan su ne za su mayar da takardarka kamar ta wani.

Doka ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci: karatu huɗu za ka yi, kowane karatu da ma'auni ɗaya. Idan ka nemi duba komai a karatu guda, abin da ya fi tsole ido shi zai rinjaye ka, kuma galibi kuskuren rubutun kalma ne, ko shi ne ainihin matsalarka ko ba shi ba.

Mu duba wata wasiƙa tare

Mu ɗauki misali. A ce ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, tambayar kuma ta ce ta rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarta wasiƙa, ta bayyana matsaloli uku da ƙarancin ruwan sha ya jawo wa unguwarsu, ta kuma ba da shawarar yadda za a magance su.

Karatun farko na ƙumshiya ne, kuma daga tambayar ake farawa, ba daga amsar ba. Ɗalibarmu ta ja layi ƙarƙashin kowane abu da aka nema: matsala ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sai mafita. Abu huɗu ke nan. Ta koma wasiƙarta tana sa alama a gefe duk inda ta cika ɗaya. Ta tarar ta yi maganar tsadar ruwan 'yan garuwa, da yaran da ke makara zuwa makaranta saboda layin rijiyar burtsatse, da ciwon ciki daga shan ruwan kududdufi. Ta kuma tambayi kowace hujja: na faɗe ki ne kawai na wuce, ko na kawo dalili da misali? Biyun farko sun samu jimloli biyar-biyar da misali daga bazarar da ta wuce. Ta ukun jimla biyu ce. Mafita kuwa jimla uku ce a ƙarshe. Ta ƙirga kalmomin layi biyar, ta ga kowane layi yana ɗaukar kalma tara, ta kuma cika layi 50, wato kalmomi 450. Tsawo ya yi, an taɓa duk abin da aka nema, amma rabi bai faɗaɗu ba. Ta ba kanta 6 cikin 10.

Karatu na biyu na tsari ne. Wannan wasiƙar hukuma ce, don haka akwai abubuwan da ake ƙirgawa da yatsa: adireshin mai rubutu da kwanan wata, muƙami da adireshin wanda ake rubuta wa, gaisuwar girmamawa, kanun wasiƙa, rufewa irin ta hukuma, sa hannu, da cikakken suna. Duk ta kawo, sai kanu ta manta. Daga nan ta yi wata dabara mai sauƙi: a gefen kowane sakin layi ta rubuta abin da ya ƙunsa da kalma uku ko huɗu, da Hausa ma. Sakin layin da ya ƙi taƙaituwa haka, to magana biyu aka cusa a cikinsa. Na huɗunta ya ƙi, domin ciwon ciki da mafita suna cakuɗe a wuri guda. Ta karanta taƙaitattun bayanan daga sama zuwa ƙasa, ta ga jerin yana da ma'ana. Nan ma ta ba kanta 6.

Karatu na uku, na sarrafa harshe, da babbar murya ake yin sa. Kunne yana kama abin da ido ya bari. Inda numfashinta ya ƙare kafin jimla ta ƙare, ta sa alama: jimlar ta yi tsawo. Ta zagaye kalmomin da take ta maimaitawa, ta ga kalmar Turanci mai nufin matsala ta fito sau 11. Ta duba farkon jimlolinta, ta ga fiye da rabi da kalma iri ɗaya suka fara. Ta sami wuri biyu da ta ɗauko zancen Hausa ta sa masa rigar Turanci kalma da kalma. Amma lafazinta na ladabi ne, babu gajerce-gajercen hirar waya, kuma duk wanda ya karanta zai gane abin da take nufi. Rubutu ne mai fahimtuwa marar armashi, wato tsaka-tsaki. Ta sa 10 cikin 20.

Karatu na huɗu daga ƙarshe ake faro shi. Ta karanta jimlar ƙarshe, sannan wadda ke gabanta, har zuwa ta farko. Yin haka yana yanke zaren labarin, sai kowace jimla ta tsaya ita kaɗai a gaban alƙali. A kowace jimla ta nemi aikatau ta tambaye shi abu biyu: wa ya yi aikin, kuma yaushe? Sannan ta duba rubutun kalmomin da take shakka a ƙamus, ta duba aya da waƙafi da babban baƙi. Da ta gama ta ƙirga da'irori 29. Rabin 29 ya haura 10, don haka makinta a nan sifili ne.

Jimilla: 6 da 6 da 10 da sifili, 22 cikin 50.

To wanne ne ya riƙe ta?

A nan ne mutane ke yin kuskure. Idan aka duba makin da ya zube, sarrafa harshe ya zubar da 10, kiyaye ƙa'ida ma ya zubar da 10, kamar kunnen doki. Amma ma'aunan ba girmansu ɗaya ba. Sai a mayar da kowanne kashi cikin ɗari: ƙumshiya 60, tsari 60, sarrafa harshe 50, kiyaye ƙa'ida sifili. Yanzu ramin ya fito fili.

Sai dai cewa matsalata nahawu ce bai ishi magani ba, kamar majinyacin da ya ce wa likita jikina ne ba daɗi. Dole a rarraba da'irorin nan 29 gida-gida. Da ɗalibarmu ta yi haka, ga abin da ta samu: 9 na rashin jituwa tsakanin aikatau da mai aikin, wato barin harafin s a ƙarshen aikatau inda mai aikin tilo ne, ko sa shi inda jam'i ne, 8 na lokacin aikatau, inda take ba da labarin bara amma aikatau yana tsaye a yau, 5 na rubutun kalma, 4 na aya da babban baƙi, 3 na ƙananan kalmomin da ke zuwa gaban suna.

Yanzu a dawo da lissafin rabin maki. A ce ta shafe wata guda tana haddar rubutun kalmomi, kamar yadda ɗalibai da yawa ke yi, ta kawar da duka biyar ɗin. Saura 24. Makinta har yanzu sifili ne, domin ba ta sauko ƙasa da 20 ba. Ta sha wahala, lambar ba ta motsa ba, sai ta ce ai gyaran ba ya aiki. Amma a ce aikatau ta sa a gaba, ta kawar da 9 da 8 ɗin nan. Saura 12, an cire maki 6, ta samu 4. Daga 22 ta koma 26 ba tare da ta koyi sabuwar kalma ko ɗaya ba. Kuma jimlolin da aikataunsu ya zauna daidai sun fi daɗin karatu, saboda haka makin sarrafa harshe ma yana iya ɗagawa.

Ba mamaki ba ne aikatau ya zama tarkon mai jin Hausa. A harshenmu lokaci yana rataye ne a jikin ɗan wakilin sunan da ke gaban aikatau: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Kalmar tafi ba ta motsa ba. Haka nan yaro ya tafi, yara sun tafi, wakilin suna ne ya ɗauki nauyin tilo da jam'i. Turanci kuwa jikin aikatau ɗin yake taɓawa, ya ƙara masa s ko ed, ko ya sauya masa kama gaba ɗaya. Ɗalibin da ke tunani da Hausa yana rubutu da Turanci cikin sauri, sai ya ji ya riga ya nuna lokaci tunda ya ce bara ko jiya, ya bar aikatau yadda yake. Haka ma musanya p da f a rubutu, tunda Hausa ba ta bambanta su.

Amma kada kowa ya ɗauka cutarsa ke nan. Wani ɗalibin zai yi karatun nan huɗu ya sami kuskure 8 kacal, wato maki 6 a kiyaye ƙa'ida, amma ya tarar ya rubuta kalmomi 280 ne, kuma ya bayyana matsaloli ya manta da mafita kwata-kwata. Shi raminsa ƙumshiya ne, kuma littafin nahawu ba zai ƙara masa komai ba. Maganinsa minti biyar na farko: ja layi a tambaya, da tsara hujjoji kafin fara rubutu. Ya kuma sani cewa gajeren insha'i ba wayo ba ne, domin ana rage makin da mai gajeren rubutu zai iya samu, ba a barinsa ya tsira da ƙarancin kuskure. Wani kuma zai ga ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da lafazin da zai yi wa abokinsa. Shi nasa a sarrafa harshe yake.

Inda wannan dabara ke iya yaudararka

Abu na farko, ba ka iya zagaye kuskuren da ba ka san kuskure ba ne. Don haka adadin da ka ƙirga shi ne mafi ƙaranci, na gaskiya yana iya fin haka. Hanyar gwadawa ita ce ka kai wa malaminka sakin layi ɗaya kawai, ba insha'in duka ba, ka ce: "Malam, don Allah a zagaye mini kurakuran wannan sakin layin." Aikin minti uku ne, da wuya ya ƙi. Idan kai ka ga uku shi ya ga bakwai, ka san idonka yana kama ƙasa da rabi, kuma nau'in da ya kama wanda kai ba ka gani ba shi ne darasinka na gaba.

Na biyu, makin sarrafa harshe shi ne ya fi wuyar sawa da kai, kuma nan ne son kai ke shigowa. Ɗalibi yakan ga manyan kalmomin da ya haddace ya ba kansa 15, alhali mai dubawa yana ganin kalmomi ne da aka dasa inda ba gurbinsu ba. Idan kana shakka tsakanin maki biyu, ɗauki na ƙasa. Rahotannin manyan masu duba takardu da WAEC ke fitarwa bayan jarrabawa suna bayyana irin raunin da aka gani a amsoshin ɗalibai tambaya bayan tambaya, kuma karanta su yana gyara wa mutum ma'auninsa.

Na uku, insha'i ɗaya ba shaida ba ne. Wataƙila tambayar ce ba ta yi maka ba ran nan. Ka yi uku, iri daban-daban: wasiƙa, labari, muhawara. Ka rubuta maki huɗun kowanne a jere a bayan littafinka. Ba a sa ran lambarka ta yi daidai da ta mai duba takarda, yana iya ba ka 19 inda ka ba kanka 22. Abin da ake nema shi ne wane gida ne ke zuwa ƙarshe kowane lokaci. Gidan da ya zo ƙarshe sau uku, ko sau biyu cikin uku, shi ne naka.

Bayan an gano

Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda. Mako biyu ko uku masu zuwa na wannan gida ɗaya ne, kuma ba sai ka riƙa rubuta cikakken insha'i kullum ba. Ɗalibarmu, alal misali, za ta rubuta sakin layi ɗaya kowace rana a kan abin da ya faru jiya, ta ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ta yi masa tambayoyin nan biyu: wa ya yi, kuma yaushe? Za ta kuma sake raba minti 50 ɗinta: biyar na tsarawa, 38 na rubutu, bakwai na ƙarshe na farautar aikatau kaɗai, ba na karatun jin daɗi ba.

Bayan makonnin sai ta ɗauko sabuwar tambaya, ta saita agogo, ta bar takardar ta kwana biyu, ta yi karatu huɗu. Idan kurakuran aikatau sun sauko daga 17 zuwa 5, sauran 12 suna nan, jimillar da'irori ta zama 17, an cire maki takwas da rabi, ta samu ɗaya da rabi. Ƙaramin maki ne, amma ta tsallake katangar 20, kuma daga nan kowane kuskure biyu da ta kawar maki ɗaya ne cif a aljihunta. A lokacin ne haddar rubutun kalmomi biyar ɗin nan, wadda a baya ba za ta ƙara mata komai ba, za ta zama maki biyu da rabi. Ran da kiyaye ƙa'ida ya kai 6, ba shi ne na ƙarshe a jerin ba kuma, sai ta juya ga sakin layin nan na mafita da ta bari da jimla uku.